Maganar ragin haraji: babu kuɗin makaranta ciki, babu marayu ciki, sai inshorar lafiya

Iyayena mata, yayyena da ƙannena na wanga zaure, na Lahodu da Gidan Bango, na Achida da Dinawa, da 'yan uwanmu na Rabah da Goronyo, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙurin zaman yau. Saƙon nan yana da ɗan tsawo. Wadda ke tsakiyar girki ta aje shi sai ta sauke tukunya, wadda ta iya karatun boko ta karanta wa wadda ba ta iya ba, don Allah.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne wata murya da ke ta yawo a wayoyinmu. Wani bawan Allah ne ke cewa wai sabuwar dokar haraji ta ce duk mai ɗiya a makaranta gwamnati za ta maida mata kuɗin makarantar da ta biya, wai har mai riƙon marayu da tsofaffi tana da kaso, a cika fom kawai. Mata huɗu sunka same ni gida kan maganar a mako guda. Ɗaya har ta biya naira 2,000 kuɗin fom, ta kuma ba da lambar BVN ɗinta. Na ce mata ta tashi ta tafi banki tun kafin rana ta yi zafi. Babu wanga fom. Babu wani ofishin haraji da ke rabon kuɗin makaranta. Duk wanda ya ce ki kawo BVN ko lambar sirrin katinki don a maido miki haraji, ɓarawo ne, ko da da hular jam'iyyarmu ya zo.

To amma ban so mu tsaya ga ƙaryata shi kaɗai. Ƙaryar ta ci kasuwa ne don ta taɓa mu inda ke mana ciwo. Na nemi dokar, na sa wata ƙanwata da ke aikin lissafin albashi ta zauna da ni munka bi ta a hankali, kuma abin da na gani ya sa nike ganin mu mata muna da maganar da za mu kai gaba.

Dokar da ake magana, Shugaba Tinubu ya sa mata hannu ranar 26 ga Yuni 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu 2026. Ta ce naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji kansu ko kwabo. Abin da ya haura haka har zuwa miliyan uku, ana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari. Daga nan kason yana ƙaruwa, amma mafi yawanmu ba mu kai can ba, don haka na bar shi. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi, wato 70,000 a wata, ita ma an ɗauke mata harajin albashi gaba ɗaya. Ke mai ƙuli-ƙuli, ke mai saye da sayar da albasa ko tafarnuwa, riba ake dubawa ba jari ba, ba kuma yawan kuɗin da sunka ratsa ta asusunki ba. In ribarki ta shekara ba ta kai 800,000 ba, wanga haraji bai hau kanki. Kuɗin rumfa da tikitin da ake yanka miki ran kasuwar Achida ko ta Goronyo wani abu ne daban, ba shi nike magana ba yau.

Saboda haka maganar ragi ta fi shafar malaman makarantarmu, da ungozomomi da ma'aikatan asibiti, da na ƙaramar hukuma, da 'yan kasuwarmu da Allah ya buɗa wa. Kada wadda ba ta cikinsu ta ce ba ruwanta. Kowace unguwa a nan, in kin duba, albashin mace ɗaya ko namiji ɗaya ne ke riƙe da gida biyu ko uku.

Mene ne ragin? Nan ne aka fi ruɗewa. Ragi ba kuɗi ba ne da za a miƙo miki a hannu. Ana cire wani abu ne daga cikin kuɗin shigarki kafin a lissafa harajin, sai harajin ya ɗan sauka. Abubuwan da dokar ta yarda a cire guda shida ne: kuɗin fansho, kuɗin asusun gidaje na ƙasa, kuɗin inshorar lafiya, inshorar rayuwa ta kanki ko ta maigida, kuɗin ruwan bashin gina gidan da kike zaune ciki, sai kuma kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar gida, kada ya wuce 500,000. Na karanta jerin nan sau uku ina neman kalmar makaranta, ina neman kalmar yaro ko tsoho ko maraya. Babu.

Bari in kawo misali, ba da wata nike ba. A ce Malama tana koyarwa a firamare, albashinta kafin a cire komai naira 120,000 a wata. A shekara ya zama 1,440,000. A cire 800,000 da babu haraji kansu, saura 640,000. Kashi 15 cikin ɗari na wannan shi ne 96,000 a shekara, wato 8,000 duk wata. Na bar fansho waje don lissafin ya yi sauƙi. Wadda ake cire wa fansho, nata harajin zai yi ƙasa da haka.

Yanzu a ce Malama tana biyan inshorar lafiya 3,000 a wata, 36,000 ke nan a shekara. Za a fara cire 36,000 ɗin, abin da za a yi wa haraji ya koma 604,000, harajin ya zama 90,600 a shekara, wato 7,550 a wata. Kun ga abin da ta tsira da shi: naira 450 duk wata, 5,400 a shekara. Ba 36,000 anka maido mata ba. Hanya mai sauƙi ta riƙe wannan a kai ita ce, ga mai irin wanga albashi, duk naira dubu da anka yarda a cire, naira 150 ce ke saura a aljihunta. In kuma tana haya a cikin garin Wurno ko Sakkwato a kan 150,000 a shekara, kuma ita ke biya da sunanta, za a ƙara cire mata 30,000, harajin wata ya koma 7,175. Mu da ke zaune gidajen gado a Lahodu ragin haya bai shafe mu ba, don sai wanda ke biyan haya ke samu.

Naira 450 kaɗan ce, na sani, ko kwanon gero ba ta saye. Amma haƙƙinki ce, kuma ba ta zuwa da kanta. Dokar ta ce sai mutum ya nema a rubuce, kuma hukumar haraji na iya cewa a kawo shaida. To ga yadda za ki gane ko an ba ki ko an hana ki. Ki karɓi takardar albashinki daga mai lissafi. Kar ki tsaya ga saƙon banki kaɗai, don shi ragowar kawai yake nunawa. Ki nemi layin da anka rubuta PAYE, shi ne harajin. In albashinki irin na Malama ne, kin ga ana cire miki kuɗin lafiya a wani layi, amma PAYE yana nan 8,000 cif, to ba a lissafa miki ragin ba. In kuma kin ga 8,900 ko kusa da haka, to da tsohon ma'auni na kafin 2026 ake yanka miki har yanzu, ana cin ki kusan 900 duk wata ba bisa ƙa'ida ba. Wanga kuskure yana iya faruwa ba tare da mugunta ba, in mai lissafi bai sauya jadawalinsa ba. Ki rubuta takarda cikin ladabi, ki haɗa da kwafin takardar albashi da katin inshora da rasit, ki ba ofishin albashinku, ki sa a buga miki hatimi a kan kwafinki ki aje. In an yi wata biyu shiru, sai a kai ga hukumar tattara haraji ta jiha a Sakkwato, don harajin mutum ɗaya ɗaya jihar da yake zaune ke karɓa. Mai sana'ar kanta da ribarta ta haura 800,000, ita a takardar bayanin kuɗin shiga da ake miƙawa kafin ƙarshen watan Maris na kowace shekara za ta rubuta abin da ta biya.

Abu biyu ku kiyaye kan lafiyar nan. Na farko, kuɗin da kika biya a kemis, ko na ƙarin ruwa, ko na motar da ta kai mai naƙuda asibiti cikin dare, duk ba su shiga ragi, ko nawa ne, ko da rasit ɗinsu ya cika leda. Sai gudummawar da ake biya cikin tsarin inshora. Na biyu, sunan da dokar ta ambata shi ne tsarin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS. Mu kuwa a nan jiha muna da namu tsarin taimakekeniya, SOCHEMA. Tun 2022 dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma sa tsare-tsaren jihohi su zama hanyar isar da ita ga jama'a. A ganina babu dalilin da za a karɓi na tarayya a ƙi na jiha. Amma ganina ba ya shiga kwamfutar mai biyan albashi. Ina so mu roƙi hukumar haraji ta jiha ta fitar da takarda ƙarara zuwa ga ma'aikatu da ƙananan hukumomi da hukumomin ilimi, ta ce kuɗin SOCHEMA a cire su kafin a yanka haraji. Wannan ba ya buƙatar zuwa Abuja, sa hannu ɗaya ne.

Yanzu ga inda raina ya fi ɓaci. Ku ɗauki malamai biyu, makaranta ɗaya, albashi ɗaya, 120,000. Ɗaya budurwa ce, tana gidan iyayenta, su ke ciyar da ita. Ɗayar mijinta ya rasu, tana da ɗiya biyar, ga uwar miji kwance, ga ɗiyan ƙanenta uku da sunka gudo daga ƙauye. Harajinsu ɗaya ne, 96,000 kowacce. Dokar ba ta ga bambanci tsakanin mai baki ɗaya da mai baki goma ba. In ta biya 90,000 na makarantar yara da kuɗin jarabawa da na Islamiyya, ragin da za ta samu sifili ne.

Kuma wa zai ce bai san irin wagga mata ba a gabashin Sakkwato? Tun harin Tabanni na 2018 da ya cika Gandi da 'yan gudun hijira, zuwa abin da ya faru a kasuwar Goronyo a watan Oktoba 2021, zuwa na bayan nan da ba mu ko iya lissafawa, ina marayun sunka tafi? Kaɗan ne ke sansani. Mafi yawa suna ɗakunanmu, suna cin tuwonmu, mu ke saya musu takalmi da alƙalami. Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, ya kawo mana ƙarshen wanga bala'i. Aikin da ya kamata hukuma ta yi, 'yar uwa mai ƙaramin albashi ke yi, sannan a zo a yanka mata haraji kamar ita kaɗai take ci. A Islamiyya an karantar da mu cewa zakka ma sai dukiya ta kai nisabi take hawa kan mutum, gidan da yake kwana da tufafin jikinsa ba su shiga lissafi. Ban ce haraji zakka ba ne, malamai sun fi ni sani. Amma hankalin da ke cewa a duba halin mutum kafin a karɓa daga hannunsa, ai ba baƙo ba ne gare mu.

Wata za ta ce, ai Hajiya na taɓa jin ana cika sunayen yara a fom ɗin haraji. Gaskiya ne, kin ji daidai, da akwai. Tsohuwar doka tana cire naira 2,500 kan kowane yaro har yara huɗu, da naira 2,000 kan kowane dangi da kike riƙo har mutum biyu. In an haɗa duka 14,000 ne a shekara, kuma shi ma ba a hannu ba, cirewa ce kafin lissafi. Ga mai ƙaramin albashi abin da ke saura gare ta bai kai naira dubu ɗaya ba a shekara. An bar adadin ya tsufa shekara da shekaru har ya zama abin dariya, sannan dokar kuɗi ta 2019, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2020, ta goge shi kwata-kwata. Maimakon a ɗaga shi ya yi daidai da tsadar rayuwa sai anka binne shi, sabuwar doka kuma ba ta tono shi ba. Don haka kada kowa ya maida wannan maganar wancan ɓangare ko namu. Gwamnatoci sun wuce, majalisu sun wuce, kowa ya tsallake ta.

In yi adalci, sabuwar dokar ba ta zo da sharri zalla ba. Malamar misalinmu a tsohon ma'auni 106,800 take biya, yanzu 96,000. An kuma maida harajin VAT sifili kan littattafan karatu, da kuɗin makarantar nazare da firamare da sakandare, da magunguna da aikin asibiti. Duk wanda ya ƙara miki kuɗi kan waɗannan ya ce VAT ne, ki ce ya nuna miki. Waɗanda sunka tsara dokar hujjarsu ita ce 800,000 ɗin nan da anka yafe ya wadatar, ya maye gurbin ƙananan rage-rage masu wahalar bincike. To amma 800,000 a raba wata 12, bai cika 67,000 ba. Ga mutum ɗaya, a lallaɓa. Ga gida mai mutum goma fa? Kowa bai samu 7,000 ba a wata.

Kuma ba abin da ba a taɓa yi ba muke nema. Nan maƙwabtanmu Nijar, harajin albashi yana sauka gwargwadon yawan iyalin da ma'aikaci ke ɗauke da su. A Gana akwai ragi na karatun yara har yaro uku, akwai kuma na riƙon tsofaffi har mutum biyu. Su ma ai suna da masu ƙaryar cika fom, ba su fasa ba.

Sai dai zan faɗi abin da wasu cikinku ba za su so ba. Ni ban goyon bayan a ce a cire wa kowa duk kuɗin makarantar da ya biya. Ku yi tunani, wa zai fi amfana? Wanda ɗansa ke makarantar miliyan biyu a Abuja, ga rasit mai kyau, ga kason harajinsa mai yawa, shi zai kwashe ragin. Ita kuwa tamu da ɗiyanta ke makarantar gwamnati, kuɗinta a yunifom yake tafiya da littafi da kuɗin tara da na laraba, babu mai ba ta rasit kansu. Abin da ya dace da mu shi ne ragi bisa kan mutum, adadi ɗaya ga kowa, ko ɗanki na makarantar kuɗi ko na allo. Ni shawarata, naira 100,000 kan kowane yaro har huɗu, na cikinki ne ko maraya ne da kike riƙo, da wani 100,000 kan tsoho ko mara lafiya har biyu. Da haka ne, bazawarar nan za a cire mata 500,000 daga 640,000, harajinta na shekara ya faɗo daga 96,000 zuwa 21,000. Naira 75,000 sun dawo gida. Adadin nawa ne, ba na doka ba, ana iya ja a rage ko a ƙara. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a rubuta adadi a bar shi shekara ashirin ba a taɓa ba kamar yadda anka yi wa 2,500.

Masu cewa kowa zai ƙirƙiro yara, amsarsu tana hannunsu. Yaro yana da lambar NIN ko takardar haihuwa, a ɗaure kowane yaro ga mutum ɗaya, uwa ko uba ko mai riƙo, ba duka ba. Maraya kuma hakimi da limami sun san gidan da yake kwana. Wannan ma zai sa iyaye su tashi su yi wa yara rajistar haihuwa, abin da muke ta fama a kai.

Na kuma yarda cewa wanga ragi ba zai kai ga matar da ba ta biyan haraji ba sam, kuma su ne sunka fi yawa a zauren nan. Ita maganinta daban ne: makarantar gwamnati mai malamai da rufi, da sa ta cikin inshorar da gwamnati ke biya wa marasa ƙarfi. Ba mu bar wannan ba. Amma kada a yi amfani da talaucin wata a rufe bakin wata, alhali sau da yawa tukunya ɗaya suke ci.

Wa za mu riƙe? Gwamna da majalisar jiha ba su iya ƙara ragi cikin wagga doka, ta tarayya ce, jiha karɓa kawai take yi. Gyaran yana hannun Majalisar Ƙasa. Ke nan mutanenmu su ne sanatan Sakkwato ta Gabas, da ɗan majalisar Wurno da Rabah, da na Goronyo da Gada. Zaɓen 2027 na tafe, za su zo, na ciki da masu son shiga, har da 'yan takararmu na gida. Mun saba a tara mu a rana, mu yi guɗa, a ba mu atamfa da sabulu a tafi. Wanga karo ina so duk wanda ya tsaya gabanmu a tambaye shi a fili: Ranka ya daɗe, za ka kai ƙudurin ragin haraji na masu riƙon yara da marayu da tsofaffi, ko ba za ka kai ba? A ɗauki amsarsa a waya. Ni zan fara yi wa namu tambayar kafin na wani, kuma na san akwai waɗanda za su kira ni su ce na cika baki.

Shugabannin mata na mazaɓu, ga aikinku kafin taronmu na gaba. Kowacce ta nemo ma'aikata mata biyar a mazaɓarta, su zo da takardar albashi ta watan jiya da katin inshora in akwai, mu zauna mu duba layin PAYE tare, ƙanwata ta yi alkawarin zuwa da na'urar lissafi. Kowacce kuma ta rubuta yawan mutanen da take ciyarwa, adadi kawai, ban da sunaye. Da shi za mu haɗa takarda biyu, ɗaya zuwa hukumar haraji ta jiha kan SOCHEMA, ɗaya zuwa 'yan majalisarmu na tarayya. Kada kowa ta turo hoton takardar albashinta ko BVN cikin wanga zaure, a riƙo a hannu a zo da ita.

Wassalam. Taku,
Shugabar Mata